Yadda ake rubuta bayanin izinin kiɗa a jikin sikirif kafin a ɗora bidiyo

A ce za ka yi bidiyo na minti 6 a kan telolin Kasuwar Barci da ke Tudun Wada a Kaduna, wani mai sayar da yadi ne ya ɗauki nauyi, kuma a YouTube da Facebook za a sa. Maganar kiɗa a kan takarda ake gama ta, tun kyamara ba ta fita ba. Wanda ya bari sai edita ya gama yanka hoto a kan bugun wata waƙa sannan ya tafi neman mai ita, ya riga ya shiga hannu, duk abin da aka yanka masa sai ya biya.

Fara da bin sikirif fitowa bayan fitowa da jan biro. Duk inda kunne zai ji kiɗa ka sa lamba: K1, K2, K3. Har da wanda ba kai ka zaɓa ba, kamar rediyon shago, ƙarar wayar da aka sa wa waƙa, ko ɗan wasa da ke rera baiti yana taka keke. A namu misalin uku suka fito. K1 waƙar buɗewa ce ta wani matashin mawaƙi, daƙiƙa 40. K2 kiɗa ne mai taushi a ƙarƙashin muryar mai bayani. K3 kuwa rediyo ne a fitowa ta huɗu, inda marubuci ya ce ana jin tsohuwar waƙar Shata.

Daga nan sai ka nemo masu kowace lamba, kuma nan ne aikin yake. Waƙa ɗaya haƙƙi biyu gare ta. Akwai na ƙirƙira, wato baituka da karin sauti, akwai kuma na ɗaukar da aka yi a sutudiyo, wadda kake ji a waya. Mawaƙin K1 zai ce maka waƙarsa ce, kuma ba ƙarya ya yi ba. Amma ka tambaye shi abu uku: wa ya haɗa kiɗan, wa ya biya kuɗin sutudiyo, kuma ta hannun wane kamfani aka rarraba ta a manhajojin sauraro. Sau da yawa za ka tarar baitukan nasa ne, kiɗan na mai sutudiyo ne, ɗaukar kuma ta furodusan da ya zuba kuɗi ce. Wani lokaci ma kiɗan daga intanet aka sauke shi da lasisin da bai yarda a sa shi a talla ba. Kowane mai kaso sai ya sa hannu. Ka kuma tambaya ko mawaƙin ya miƙa kula da haƙƙinsa ga ƙungiya irin MCSN, mai karɓar wa masu waƙa kuɗin haƙƙinsu, don kada ya ba ka abin da ba ya hannunsa.

“Ba komai, yallaɓai, ka sa kawai” magana ce mai daɗi, amma ba za ka iya liƙa ta a fom ɗin YouTube ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta wajabta rubutu idan sayar da haƙƙi za a yi ko ba mutum ɗaya izinin da babu mai tarayya da shi a ciki. Izinin gama-gari yana iya zama na baka, sai dai ranar gardama takarda ce shaida. Shafi ɗaya ya isa, muddin ya faɗi wace waƙa, wane bidiyo, daƙiƙa nawa, a waɗanne kafafe, har zuwa yaushe, da ko an yarda da talla da samun kuɗi. Wajen ƙasashe ka rubuta duk duniya, domin bidiyon da aka ɗora a Kaduna ana kallonsa a Jidda da Yamai a ranar.

Sannan ka mayar da abin cikin sikirif, dab da fitowar da kiɗan yake:

```
K1 | Fitowa 1 | 00:00–00:40 | waƙar buɗewa
Ƙirƙira: mawaƙi (baituka), mai sutudiyo (kiɗa)
Ɗauka: furodusa | ISRC: a rubuta lambar nan
Izini: YouTube, Facebook; duk duniya; shekara 3; har da talla
Shaida: takarda K1, sa hannu 3, rasit
Matsayi: AN SAMU
```

ISRC lamba ce mai haruffa da alƙaluma 12 da ake ba kowace ɗauka. Ita ke bambanta asalin waƙar da wadda aka sake bugawa, saboda haka ka karɓe ta daga mai waƙar. Matsayi kuma kalmomi uku kawai nake yarda da su: an samu, ana jira, a canza. Edita ba ya taɓa abin da ba a rubuta wa “an samu” ba. Idan yana buƙatar kiɗan wucin gadi don ya ji tafiyar hoto, a rubuta haka ɓaro-ɓaro, don kada na wucin gadi ya zarce ya zama na dindindin.

K2 ba ya cin lokaci. Ka ɗauko daga Audio Library na YouTube, ka duba ko yana buƙatar a ambaci mai shi. Idan lasisin CC BY ne, wato wanda ya yarda a yi amfani da kiɗa muddin an ambaci mai shi, ka kwafe layin ambaton yadda yake cikin bayanin K2, ka ajiye hoton shafin lasisin da ranar da ka sauke. Tunda za a sa a Facebook ma, ka karanta ko lasisin ya kai can.

K3 shi ne tarkon. Mutane na ɗauka tsohuwar waƙa ta zama ta kowa. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, doka kuma tana kare waƙa shekara 70 bayan ƙarshen shekarar rasuwar mai ita, wato har ƙarshen 2069, haƙƙin yana hannun magada ko wanda aka miƙa wa. Don sautin daƙiƙa 15 a bayan fage, ni ba zan shiga wannan neman ba. Zan rubuta “a canza”, in ƙara umarni ga darakta cewa a kashe rediyo lokacin ɗauka, daga baya a ɗora kiɗan da muke da izininsa. A kasuwa sai an roƙi maƙwabtan shago su rage sifika, domin waƙar da ta shiga ƙarƙashin maganar tela da wuya ta fita ba tare da ta ɓata muryarsa ba. Kuma babu wata ƙa’idar “ƙasa da daƙiƙa 30 ba laifi”, haka rubuta “ba ni da haƙƙin wannan waƙa” ba ya wanke kowa.

Bayan an gama haɗawa, ka gyara lokutan bayanin su dace da ainihin bidiyon. Idan K1 ta zama daƙiƙa 55 alhali takarda ta ce 40, ko a rage ko a koma wa masu ita. Sai ka ɗora a YouTube a matsayin Unlisted, wato sai wanda aka ba adireshin bidiyon ne zai gani, kwana biyu kafin ranar fitarwa, ka duba matakin Checks, inda YouTube ke bincikar haƙƙin mallaka. Kada ka yi mamaki idan Content ID, tsarin YouTube mai gano kiɗan da ke da masu shi, ya kama K1 duk da takardarka, domin na’ura sauti take kwatantawa, ba ta san an sa hannu ba, kuma kamfanin rarrabawa ne ya yi wa waƙar rajista. Hanya mafi sauri ita ce mawaƙin ya sa kamfanin ya janye iƙirarin. In ba haka ba ka danna Dispute ka kawo bayanan takardar K1, mai iƙirari yana da kwana 30 ya amsa.

Iƙirarin Content ID yakan karkatar da kuɗin talla ne ko ya toshe bidiyon a wasu ƙasashe. Gargaɗin da ake rubutawa copyright strike daban ne: an sauke bidiyon bisa buƙatar mai haƙƙi, kuma uku cikin kwana 90 na iya rufe tasha. Shirun Checks ma ba izini ba ne, mai waƙar da ba a yi wa rajista ba yana iya shigar da ƙorafi da hannunsa bayan shekara. Don haka ka ajiye sikirif, takardu da rasit wuri ɗaya, ka ba mai ɗaukar nauyi kwafi, ka kuma sa ranar ƙarewar izinin K1 a kalandar wayarka da tazarar wata guda, don a sabunta ko a canza waƙar.