Farantin gidan abinci ya fi na gida: inda lissafin kalori yake kuɓucewa

Wanda likita ya ce ya rage ƙiba, ko mai ciwon sukari da aka ce ya lura da cikinsa, yakan san gwargwadon abin da yake ci a gida. Matsalar tana farawa ne ranar da azahar ta riske shi a wajen babbar kasuwar Maradi, ya shiga gidan abinci, aka dire masa dafa-duka tuli guda da cinyar kaza a kai. Sai ya duba ya ce a ransa, wannan ai kamar na gida ne da rabi. Kusan kullum wannan kintacen yakan gaza, kuma ba gazawa kaɗan ba.

Kuskure na farko daga ido yake. Ido yana auna faɗi, ciki kuwa cika yake karɓa. Farantin gida mai faɗin santimita 20 da na gidan abinci mai santimita 28, in ka jera su za ka ce bambancin bai kai rabi ba. Amma filin da abinci yake zama a kai yana ƙaruwa ta tsaye da ta kwance a lokaci guda, don haka na 28 ya kusa ninka na 20 sau biyu. Wannan tun kafin mai zubawa ta yi masa tozo ke nan. Gyaran shi ne ka daina kallon faranti, ka ƙirga da abin da ka san nauyinsa. Wata rana a gida ka zuba shinkafarka kamar yadda ka saba, ka ɗora a sikeli sau ɗaya, ko da na mai shago ne, ka kuma ga dunƙulen hannunka nawa ta yi. Daga ranar kana da ma'auni a jikinka. In kuwa a leda aka ƙulla maka abincin, ledar ruwa ta rabin lita giram 500 ce; riƙe ta a hannu ɗaya, abincin a ɗayan, za ka ji wanda ya rinjaya.

Akwai wani ƙaramin kuskure da masu duba kalori a waya suke yi a nan; kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci yake ba jiki. Ɗanyar shinkafa giram 100 tana da kalori wajen 360, dafaffiya kuwa wajen 130, saboda ta sha ruwa. Abin da ke gabanka dafaffe ne, da 130 za ka yi lissafi.

Babban kuskuren, wanda ya fi cin mutane, shi ne ɗaukar farantin a matsayin abu guda a ninka shi. Abincin sayarwa ba na gida ba ne da aka ƙara wa yawa, girkinsa ma daban ne. Uwargida tana tattalin mai domin ta san kuɗin lita, mai sayarwa kuwa ta san mai ne yake sa shinkafa ta yi warwar, ta yi ƙyalli, ta daɗe a kula ba ta dunƙule ba, mai saye ya dawo gobe. Kuma mai ba ya cika faranti. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko na furotin 4. Babban cokali ɗaya na mai, man gyaɗa ne ko manja ko na jarka, kusan 120 ne duka, wato kusan daidai da dafaffiyar shinkafa giram 100. Sau da yawa nakan ji mutane a garin nan suna cewa man gyaɗa na gida ba ya sa ƙiba tunda namu ne. Tsabtarsa da ƙamshinsa zance ne daban, amma wajen kalori bai yi wa kowa rangwame ba.

Yadda za ka gane man ba wuya. Ture shinkafar gefe da cokali ka dubi gindin farantin. In ya ɗan yi danshi kawai, sa cokali ɗaya. In hatsin yana ƙyalli, leɓenka ya yi maiƙo, sa biyu. In ka karkata farantin ka ga mai yana gangarowa ya taru, uku ne ko fiye. A shinkafa da wake abin ma a gabanka ake yi: dubi ludayin da aka ɗebo soyayyen man da shi, kuma kana da bakin cewa, Hajiya, a rage mini man.

Bari mu bi farantin nan daki-daki. A ce a gida Malam yana cin shinkafa giram 250, wato 325, da mai cokali ɗaya, 120, da ɗan yankan nama wajen 120. Jimla ta kama 570 ko kusa. Da ya ce na gida da rabi, 850 ya rubuta. To ga abin da ke kan teburin. Shinkafar ta kai giram 450, wato 585. Mai ya taru a gindi, cokali uku, 360. Soyayyiyar cinyar kaza da fatarta, in aka cire ƙashi naman ya kai giram 120, wajen 300. Ga ɗan salak a gefe, ganyen ba komai ba ne, amma mayonez cokali ɗaya da aka lafta masa ya kusa 100. Sai lemun gwangwani mai sanyi na santilita 33, wajen 140, wanda Malam bai ma sa a lissafi ba domin sha ya yi, ba ci ba. An tashi a kusan 1,480. Shinkafar ba ta ninka ba, amma abincin ya fi ninki biyu da rabi, kuma fiye da rabin ƙarin bai fito daga shinkafar ba.

Kada kuma a riƙe 1,480 ɗin nan kamar sikeli ne ya faɗa. Cokalin mai ɗaya sama ko ƙasa, da shinkafa giram 100 sama ko ƙasa, sun isa su motsa jimlar da 250. Ka ce tsakanin 1,250 da 1,700, ka rubuta na tsakiya. In kana shakka, karkata sama, domin abin da ido ba ya gani a faranti ƙari yake yi, ba ragi ba.

Saura zancen ragowa. Mutum ya bar kashi ɗaya cikin uku na shinkafa, sai ya zaftare kashi ɗaya cikin uku na dukan lissafin, kusan 490. Alhali kazar ya cinye ta har ya tauna ƙashi, lemun ya shanye, salak ɗin ma ya tafi. Abin da ya bari shinkafa ce da man da ke jikinta kawai, kashi ɗaya cikin uku na 945, wato 315. Shi ya sa ake rubuta kowane ɓangare daban, a cire ragowar daga ɓangaren da aka rage. In kuma ka riga ka san ba za ka cinye ba, ka raba tulin tun kafin ka sa cokali, ka ce a ƙulla maka rabin. Rabin da aka yanke a farko ana iya ƙiyasta shi. Wanda aka bari a warwatse bayan an ƙoshi, kowa yakan ga ya fi yadda yake yawa.