Yadda ake gano abin da ke sa latas da lemo su daskare a ɓangaren firij

Ɓangaren da ake ajiye kayan lambu da abin sha bai kamata ya kai sifili ba, wurin zamansa digiri 3 zuwa 4 ne. Latas kusan duk ruwa ne, da sanyi ya ɗan gota sifili sai ganyen ya daskare, in ya narke ya yi laushi ya koma kamar an dafa shi. Lemo da zoɓo kan ɗan jure saboda sukari, don haka in ka ga har su ma sun yi ƙanƙara, sanyin ya yi ƙasa da sifili sosai. Ga mai shago a ƙauyukan Kura ko Haɗeja da ya sari latas daga fadama, asara ce kai tsaye.

Da farko ka san irin firij ɗinka. In bangon bayansa na ciki ne ke yin raɓa ko ƙanƙara kuma babu fanka, to ba shi da damfa, wato ƙofar iskar sanyi, sai a duba tamostat, na'urar da ke daidaita sanyi. Bayanin nan na irin wanda ba ya tara ƙanƙara ne, wanda ya yi yawa cikin na gwanjo. A irin wannan, a firiza kaɗai ake yin sanyi, wajen digiri 18 ƙasa da sifili, sai fanka ta turo iskar ta wata kafa zuwa ɓangaren firij. A bakin kafar akwai 'yar ƙofa mai buɗewa da rufewa, ita ce damfa. Sensa kuma ita ke gaya wa bod, wato allon lantarkin da ke sarrafa firij, yanayin sanyin ciki, bod ya ba damfa umarni. In ƙofar ta ƙi rufuwa, ko sensa ta kai rahoton ƙarya, iskar firiza za ta yi ta kwarara kan kayanka.

Kafin ka ɗauki sukudireba, duba abubuwan da ba sa cin ko sisi. A makunni mai lamba 1 zuwa 5 ko zuwa 7, babbar lamba ce ta fi sanyi, mutane da yawa kuma suna ɗauka akasin haka. Mayar da shi tsakiya. Janye latas da kwalabe daga bakin kafar iska. Kada ka jingina tukunyar zoɓo ko kunu mai ɗumi kusa da sensa, domin za ta ɗauka duk firij ɗin ya yi zafi ta sa a buɗe damfa har sauran kaya su daskare. Robar ƙofa da ta saki ma tana haifar da irin wannan. Maƙale takarda a ƙofar ka ja, in ta zare ba tare da turjiya ba, robar ta gaji.

Sannan ka auna. Sa ma'aunin zafi cikin kofin ruwa a kanta ta tsakiya, ya kwana. Ka zaɓi daren da wuta ta zauna ko sola ke riƙe da shi, in ba haka ba awon ba zai gaya maka gaskiya ba. Wurin da abin ke daskarewa ma shaida ne: in kusa da kafar iska ne kawai, zargi ya fi karkata ga damfa ko jerin kaya, in ko'ina ne, sensa ko bod.

Yanzu gwajin damfa. Mayar da saitin firij zuwa mafi ƙarancin sanyi, ka ba shi lokaci. Buɗe ƙofa, danne maɓallin da ke kashe fitila don firij ya ɗauka a rufe yake, domin da yawa fankarsu na tsayawa in an buɗe. Kara bayan hannunka a kafar. In ciki ya riga ya kai sifili amma iska mai tsananin sanyi na ci gaba da hurowa, damfa a buɗe take a lokacin da ya kamata ta rufe.

Zare filogi daga soket, sannan ka kwance murfin roba da soson da ke rufe da damfar. Abu uku za ka nema: ƙanƙara da ta tokare ƙofar, ƙofar da ta karye ko ta fita daga maƙalinta, da soson gefenta da ya ruɓe har iska na bi. A nan karkara ƙanƙara ce ta fi yawa, kuma dalilin a fili yake. In aka ɗauke wuta na awanni, raɓa kan taru a cikin kafar, in wuta ta dawo ta daskare ta riƙe ƙofar a buɗe. Maganinta a kwashe kaya, a bar ƙofofi a buɗe yini da kwana har ta narke, a goge ruwan. Don Allah kada a sa wuƙa. Huda bututu ɗaya ya isa ya kashe firij, kuma da yawa gas ɗinsu R600a ne, mai kama wuta. In ƙofar ta karye ko motarta ta mutu, a sauya damfar gaba ɗaya, liƙi ba ya daɗewa a cikin sanyi. Wasu firij ɗin damfarsu ba ta da mota, makunni ne da ɗan siririn bututu mai jin sanyi, irin wannan ma sauyawa ake yi.

In damfa lafiya take, saura sensa. 'Yar aba ce kamar ƙwayar wake mai waya biyu, galibi a bayan wani ɗan murfi mai ramuka a bango ko rufin ciki. Juriyarta na ƙaruwa in sanyi ya ƙaru. Cire ta daga mahaɗinta, sa mitar awon lantarki a `20k` ko `200k` na om, ka tsoma kanta kawai cikin kofin da ka cika da ƙanƙara da ɗan ruwa, ka jira minti 5. Wannan ruwan sifili yake, shi ya sa ya fi awon cikin ɗaki abin dogaro. Lambar da ya kamata ka gani ta danganta da kamfani. Mai 5k a digiri 25 kan nuna tsakanin 13k da 16k a ruwan ƙanƙara, mai 10k kuma wajen 27k zuwa 33k. Nemi jadawalin samfurin firij ɗinka kafin ka yanke hukunci.

Mu ɗauka firij ɗin wani mai shago ne, saiti na kan 4, amma kofin ruwa ya wayi gari da ƙanƙara. Iska na hurowa ba tsayawa, an buɗe damfa an same ta a bushe, ƙofarta ƙalau. Jadawali ya ce sensar ta ba da 16k a sifili, mita kuwa ta tsaya a 9k. A irin wannan sensa, 9k na nufin wajen digiri 12. Ke nan kaya na daskarewa amma bod na ganin ciki da ɗumi, sai ya ƙi rufe damfa. Da an saya masa sabuwar damfa, da kuɗin sun tafi a banza, shi ya sa ba na goyon bayan sauya kaya kafin a sa mita. Haka nan in lambar ba ta motsi ko ka dumtse sensar a tafin hannu, ko tana tsalle-tsalle, ta lalace.

Wajen sauyawa, dole sabuwar ta zama mai juriya iri ɗaya da tsohuwar, kamanni kaɗai bai isa ba. A kasuwar kayan firij a Kano ka tafi da lambar samfurin da mitarka, ka gwada a gaban mai sayarwa. In sai an yanke waya, a haɗa da dalma a rufe sosai yadda danshi ba zai shiga ba, domin danshi a mahaɗi shi ma yana rage juriya ya dawo da matsalar. Mayar da ita daidai mazauninta, kunna firij, ka ba shi awa 24 kafin ka sake awon kofin ruwa.

In damfa da sensa duk sun ci gwaji amma har yanzu kaya na daskarewa, abin ya koma kan waya ko bod. Wannan aikin mai gyara ne, kuma ka gaya masa lambobin da ka gani a mita don kada ya faro daga farko.