Yadda ake rubuta bayani a ƙarƙashin hoton gidan haya mai ciki biyu da falo

Yawancin yaran da suka shigo dillancin gidaje yanzu sun iya ɗaukar hoto. Wayarsu mai kyau ce, sun san su buɗe taga haske ya shigo, sun san su kawar da bokiti da tsintsiya kafin su ɗauka. Inda suke faɗuwa shi ne rubutun da ke ƙasan hoton. Sai ka ga fulat tsaf, tayil na ƙyalli, amma abin da aka rubuta bai wuce "Gida mai kyau a Hotoro, mai buƙata ya yi magana" ba. Daga nan wayar dillali ba za ta huta ba, kowa da tambaya ɗaya: nawa ne? Ya wuni yana amsawa, ya ƙona mai yana kai mutane, a ƙarshe ba wanda ya kama gidan, domin waɗanda suka zo ɗin tun farko ba masu kuɗin ba ne.

Aikin rubutun nan shi ne tace mutane tun kafin su kira ka. Ba zan tsaya kan zaɓen hoto ba, wannan kowa ya sani. Mu ɗauki misalin fulat mai ciki biyu da falo a Hotoro, cikin Kano, mu bi shi daki-daki. Kuɗaɗen da zan ambata na misali ne, kai sai ka sa naka.

Da farko, layin sama. Facebook da Instagram suna yanke dogon rubutu bayan 'yan layuka, sai mutum ya taɓa "See more" ko "more" kafin ya ga sauran, kuma da yawa ba sa taɓawa. Don haka abu uku za su shiga layin farko: wane irin gida ne, a wace unguwa, kuma nawa ne a shekara. "Haya: ciki biyu da falo, Hotoro, ₦1,200,000 a shekara." Shi ke nan. Kalmar "haya" ta zo a gaba, don akwai mai ganin miliyan ɗaya da 'yan kai ya ɗauka kuɗin kafin alƙalami ne na sayarwa. Gaisuwa da addu'ar Allah Ya kawo kasuwa ba laifi ba ne, amma su koma ƙasa. Ni dai ba na son ganin taurari da hoton wuta goma a jere a layin farko, wuri kawai suke ci.

Sai maganar kuɗi, kuma a nan ne zan daɗe.

Sabon dillali yana tsoron rubuta farashi. Wani yana ganin idan ya rubuta mutane za su gudu, wani yana tsoron abokin sana'a ya ɗauki tallar ya rage wani abu ya ƙwace masa ciniki, wani kuma so yake ya ga motar da mutum ya zo da ita kafin ya yanka masa. Sai ya rubuta "a biyo ni ta inbos". Mai kuɗi a hannu, wanda amarya za ta tare masa nan da wata guda, ba shi da lokacin wannan. Zai wuce ya kira wanda ya rubuta nasa a fili.

Amma ko waɗanda suke rubutawa, rabin gaskiya suke rubutawa. Su sa kuɗin haya kaɗai, su yi shiru a kan sauran. A misalinmu hayar ₦1,200,000 ce. La'adar dillali, idan kashi goma cikin ɗari ce kamar yadda aka fi yi, ₦120,000. Kuɗin lauyan da zai rubuta yarjejeniya, mu ce kashi biyar, ₦60,000. Mai gida kuma ya ce a ajiye ₦100,000 saboda ɓarna, wanda za a mayar ranar tashi idan ba a fasa komai ba. Idan ka tara, ₦1,480,000 ne. Ka ga tsakanin abin da mutum ya gani a hoto da abin da zai fitar daga aljihu akwai ₦280,000. Yanzu ka kwatanta: magidanci ya haɗa miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da ƙyar, ya zo da yayansa, sun zaga gida, sun buɗe famfo, har ya kira uwargida ya ce an samu. Sai a bakin get kake ce masa, "Alhaji, sai dai fa akwai 'yan ƙananan abubuwa." Za ka ga fuskarsa ta sauya nan take. Ko da yana da cikon, ya riga ya sa maka alamar tambaya, duk abin da ka faɗa bayan nan sai ya auna shi sau biyu.

Saboda haka ka jera su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a layinsa, sannan ka rubuta jimilla. Ka rubuta lambobi cikakku da alamar naira da waƙafi. Kada ka rubuta "1.2" kawai, kada ka rubuta "ɗaya da biyu" irin yadda kuke magana a majalisar dillalai. Kuɗin ajiya kuma ka faɗa a fili cewa ana mayarwa, domin idan ba ka faɗa ba za a lissafa shi cikin abin da ka ci.

Akwai tambayoyi biyu da sai ka yi wa mai gida kafin ka taɓa waya. Ta farko, shekara nawa yake so a biya a karon farko? Wasu masu sabon gini shekara biyu suke nema a dunƙule. Idan haka ne, farashinka na gaskiya ya ninka, kuma dole ya fito a rubutun. Ta biyu, akwai ragi ko babu? Idan ya ce babu, rubuta "ba ragi". Idan ya ce zai iya sauka kaɗan, rubuta "akwai magana", amma kada ka faɗi iyakar, wannan na wurin zama ne. Abin da ba na so shi ne dillali ya rubuta "akwai ragi" daga kansa don ya jawo mutane, alhali mai gida bai san zancen ba.

Idan gidan cikin rukuni yake, akwai kuɗin maigadi da na kwashe shara da na tura ruwa sama. Waɗannan na wata-wata ne, ba sa shiga jimilla, amma su samu layinsu.

Bayanin gidan kansa ba ya son tsawo. Hoto ya riga ya nuna tayil da silin, kada ka maimaita. Ka rubuta abin da hoto ba ya nunawa. Banɗaki nawa ne, kuma kowane ciki da nasa ne ko ɗaya a falo yake? A ƙasa ne ko a bene? Mai tsohuwa a gida wannan zai fara tambaya. Ruwan burtsatse ne, ko rijiya, ko sai an sayi na 'yan garuwa? Mitar wuta ta kati ce, kuma fulat ɗin shi kaɗai ne a kanta ko haɗaka ce da maƙwabta? Idan ka san layin wutar, ka faɗa. Tun da aka ƙara kuɗin wuta ga 'yan Band A a watan Afrilun 2024, masu neman haya sun fara tambayar wannan, wani don yana son wutar, wani don yana gudun kuɗinta. Idan kuma mai gida yana da sharaɗi, kamar a ce mai iyali kawai yake so, ka rubuta, kada ka bari saurayi ya taso daga Rijiyar Zaki ya tsallaka gari sannan ya ji.

Sai tsarin ganin gida. "A kira kowane lokaci" ba tsari ba ne. Ka ware ranaku da sa'o'i, ka haɗa mutane biyu ko uku a fita ɗaya, kuɗin mai ya ragu. Ni na fi son safiyar Asabar da kuma bayan la'asar a tsakiyar mako, lokacin da ma'aikata suka tashi kuma rana ba ta faɗi ba. Juma'a da rana ka manta da ita. Bayan magariba ma haka, ba a duba gida da fitilar waya, danshin bango da tsagewar silin duk ɓuya suke yi.

Ka tabbatar ko gidan a buɗe yake ko da mutane a ciki. Idan mai tashi bai kwashe kayansa ba, akwai iyali, ba za ka kwaso maza ka faɗa musu ba sanarwa ba. A nan sai ka rubuta cewa a sanar da kai kwana ɗaya kafin a zo, kuma ka sa ranar da gidan zai zama fanko. Mukulli ma ka san a hannun wa yake tun kafin ka sa lokaci.

Kada ka rubuta lambar gida ko sunan layi. Unguwa da wata alama ta kusa sun isa, a can za ku haɗu. Wanda ya samu cikakken adireshi zai je ya sami maigadi ya tsallake ka, ga kuma hatsarin nuna wa duniya gidan da ba kowa a ciki. Idan kana karɓar kuɗin gani, ka rubuta nawa ne, ka ce a wurin ake bayarwa. Idan ba ka karɓa, shi ma ka rubuta, talla ce mai zaman kanta. Sannan ka ƙara layin nan: kada a tura ko sisi kafin a ga gida. Masu damfara suna kwashe hotunan mutane su sa lambarsu, layin nan yana raba ka da su.

Ga yadda zai fito gaba ɗaya:

Haya: ciki biyu da falo, Hotoro, Kano. ₦1,200,000 a shekara, ba ragi.
La'ada: ₦120,000
Lauya: ₦60,000
Kuɗin ajiya, ana mayarwa: ₦100,000
Jimillar abin da za a biya kafin a karɓi mukulli: ₦1,480,000
Maigadi da shara: ₦5,000 a wata
A ƙasa yake, banɗaki uku, kicin da sito, ruwan burtsatse, mitar kati tasa shi kaɗai, wurin mota ɗaya. Mai iyali ake so.
Gani: Asabar ƙarfe 10 zuwa 12 na safe, Talata da Laraba bayan la'asar. A turo saƙo kwana ɗaya kafin a zo. Ba kuɗin gani.
Kada a tura kuɗi sai an ga gida an zauna da mai shi ko wakilinsa.

A ƙasan wannan sai sunanka da lambar waya guda ɗaya, wadda kake ɗauka, ka kuma faɗi ko kira kake so ko WhatsApp. Lamba uku ruɗa mutane take yi.

Kafin ka saki, tura wa mai gida ya karanta ya ce ya amince, ka ajiye amsarsa, saboda ranar da zai ce shi bai ce haka ba. Ka sa kwanan wata a ƙasa, tun da hoto yana yawo wata da watanni bayan farashi ya tashi. Ranar da aka biya kuma, ka koma ka rubuta "An kama" a saman layin farko, ko ka goge tallar baki ɗaya.