Kurakuran da masu sayar da manhaja ke yi wajen lissafa wa mai saye ribarsa

Takardar da ta fi kashe cinikin manhaja ita ce wadda aka rubuta wa ɗan kasuwa cewa zai ci ribar kashi 400 cikin 100 a shekara. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana sayar da fenti da tayil a kasuwar Dei-Dei da ke Abuja ya san babu cinikin da ke yin haka. Zai ce maka "Allah ya kai mu", ka kuma daina samunsa a waya.

Mu ɗauki misali da shago irin nasa. Manhajar ta lissafin kayan sito ce, kuɗinta naira 60,000 a wata. Ƙidayar kaya ta nuna giɓin naira 300,000 duk wata, tsakanin abin da ya ɓace da abin da aka fitar ba rasit. Sai mai talla ya ce manhaja za ta toshe giɓin baki ɗaya, wato 3,600,000 a shekara, a kan kuɗin manhaja 720,000. Ga inda 400 ɗin ta fito, ta ƙa'idar ROI, wato ribar kuɗin da aka zuba:

```
ROI = (amfani − kuɗin da aka kashe) ÷ kuɗin da aka kashe × 100
```

Ƙa'idar daidai take, alƙaluman da aka zuba mata ne ba su da gaskiya.

Kuskuren farko shi ne ɓoye sauran kuɗin da Alhaji mai shagon zai kashe. Akwai harajin VAT na kashi 7.5, wato 54,000. Akwai shigar da sunayen kaya da koyar da yaran shago, a ce 250,000. Kwamfuta da firintar rasit 400,000, data da wuta 15,000 a wata. Jimillar shekarar farko ta zama 1,604,000, fiye da ninki biyu na abin da aka gaya masa. Idan da dala ake biyan manhajar, a rubuta farashin canjin da aka yi lissafi da shi, domin wanda ya ga yadda naira ta faɗi daga watan Yunin 2023 dole ya yi wannan tambayar.

Na biyu, kuma shi ya fi damuna, shi ne mayar da zato tamkar tabbas. Manhaja ba ta gadin sito. Abin da take yi shi ne nuna giɓi da wuri, sauran aikin na maigida ne. Gyaran shi ne ka raba takardar gida biyu: abin da aka ɗauko daga littafin Alhaji, da abin da kai ka yi zato. Giɓin 300,000 nasa ne, daga ƙidayarsa. Cewa zai ragu da rabi kuwa zatonka ne, ka rubuta shi da sunan zato, ka ce masa, "Alhaji, in kana ganin rabi ya yi yawa, faɗi naka mu sake lissafi." Idan ma bai taɓa ƙidayar kaya ba, to babu ma'auni, sai a fara ƙirga sito kafin a yi maganar riba.

Sannan amfani ba ya farawa ranar da aka kunna kwamfuta. Yara za su yi ta komawa littafi, wasu kayan an shigar da su ba daidai ba. Ka bar wata uku na farko babu komai. Saura wata tara a kan 150,000, wato 1,350,000. Ka cire 1,604,000, shekarar farko ta ƙare da asarar 254,000. Ka nuna masa wannan da kanka. Daga nan kuɗin wata-wata 79,500 ne, ana rarar 70,500, don haka uwar kuɗi za ta dawo a wata na 16. A shekara biyu an kashe 2,558,000, an samu 3,150,000, ribar kusan kashi 23.

Wani kuskuren shi ne mayar da lokaci kuɗi. Akan ce akawu zai huta awa biyu kullum, sai a ninka da albashinsa. Albashin nan kuwa bai ragu da ko kobo ba. Ka ambaci sauƙin, amma kada ka sa shi a jimilla. Haka nan idan ana sa ran ƙarin ciniki, ribar da ke kansa ake lissafawa, ba kuɗin cinikin duka ba.

Kada kuma ka kai lamba ɗaya tak. Nuna masa inda lissafin ke karyewa. Idan giɓin ya ragu da kwata kawai, amfanin 75,000 ne a wata, bai kai 79,500 da ake biya ba, kuɗin ba zai taɓa dawowa ba. Sai ku rubuta a yarjejeniya cewa za a sake ƙirga sito a wata na shida, a gwada giɓin da na farko, in bai kusa rabi ba yana da damar dakatar da biya.