Yadda na gyara saƙon da ke rabuwa gida uku

Sanarwar da nake turawa ta saƙon waya na SMS mai haruffa 150 ce, amma gida uku take rabuwa, har abin ya dame ni. Ashe kalmar "ƙarfe" ce sanadi. Babu ƙ, ɗ, ɓ da ƴ a GSM-7, tsarin rubutun SMS na yau da kullum mai ɗaukar haruffa 160 a saƙo ɗaya, guda ɗaya kawai ya shiga sai saƙon duka ya koma UCS-2, tsarin da ke karɓar irin waɗannan haruffa, amma iyakarsa 70. In kuwa za a haɗa sassa, bayanin haɗin na cin wuri, kowane sashe ya dawo 67, ko 153 a GSM-7. Shi ya sa nawa ya zama 67, 67, 16.

Raina bai so cire lanƙwasar ba, don "ƙafa" ba "kafa" ba ce. Sai na rage zancen zuwa 134, ya tsaya a sashe biyu cif.