Yadda na buɗe asusun Baba bayan rasuwarsa

Baba ya rasu da damina. Bayan addu'ar bakwai na hau mota daga ƙauyenmu zuwa Gumel da katinsa na ATM a aljihu, don ni ya rubuta a gurbin magaji ranar da ya buɗe asusun. Na ɗauka sa hannu kawai zan yi a miƙo min kuɗin gero da ya tara.

Ma'aikaciyar bankin ta yi min gaisuwa, sannan ta ce, "Malam, wannan gurbin na wanda za mu nema ne in wani abu ya faru. Bai ba ka kuɗin ba." Nan take suka rufe asusun. Ta kuma ce kar in taɓa katin, kuɗin ya zama na magada. Gaskiyarta, mu tara ne, ga iyayenmu mata biyu.

Sai da na karɓo takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya, na kai dagacinmu da baffana kotun shari'a suka shaida magada. Alƙali ya rubuta wa banki ya faɗi abin da ke ciki, aka tura kuɗin kotu, aka fitar da bashin taki da ake bin Baba, matan suka raba tumuni, mu muka raba saura.

Yanzu Inna na so in shiga asusunta mu zama mu biyu. Na tambaya: in an rubuta cewa dole mu biyu mu sa hannu, ranar da ɗaya ya rasu asusun ya tsaya. In kowa na iya cira shi kaɗai ne ma, kason mamaci gado ne. Na sa ta faɗa gaban ƙannena cewa kuɗin duk nata ne, aka rubuta.