Yadda ake duba kwalin magani kafin a karɓa

Duk yaron da na koya wa tsaron kemis kuskurensa ɗaya ne, zai juya kwali ya ga ranar ekspaya da saura ya ce oga lafiya lau. A'a malam, abu uku ake dubawa kuma ba a kwali kaɗai ba.

Fara da MFG ko MFD, wato watan da aka yi maganin, sai EXP, lokacin da kamfani ya janye hannunsa daga ingancinsa. In ka ga EXP 07/2026 babu rana, to har ƙarshen Yuli ke nan. Tsakanin biyun yawanci shekara 2 zuwa 3 ne, wasu har 5, in ya wuce haka ko ka ga kamar an kankare an sake bugawa ka ajiye shi gefe.

Na ukun shi ne BN ko LOT, lambar zubi. Duk maganin da aka haɗa a zubi ɗaya lambarsa ɗaya, kuma kar ka haɗa ta da lambar NAFDAC, ita waccan ta rajistar maganin ce, ba ta canzawa daga zubi zuwa zubi. Amfaninta sai ranar matsala. A Afrilun 2024 da NAFDAC ta janye sirof ɗin tari na yara Benylin Paediatric saboda guba, lamba ta ambata, 329304, wanda bai san inda ake dubawa ba sai dai ya yi ta zare ido.

Yanzu ga inda ni na sha wuta. Buɗe kwalin ka zaro katin ƙwayoyin, a bakinsa sau da yawa akwai rubutu da aka danna babu tawada, sai ka karkata shi wajen haske zai fito. Lambar zubi da ranar ekspaya na kati dole su zo ɗaya da na kwali, harafi da harafi. Na taɓa saro kaya wajen wani dila don ya rage min kuɗi kaɗan, kwali ya ce saura wata 14, ashe katunan ciki lambarsu daban kuma tuni sun yi ekspaya da wata biyu, zuba su aka yi a sabon kwali. Wata uwa ce ta gano ta dawo min da shi, kunyar ranar har yau ina jin ta, ga kuɗina sun bi ruwa.

Shi ya sa a shagona ba a yanke kati ta gefen da kwanan wata yake, in mai saye rabi yake so ka yanka yadda ragowar zai zauna da lambarsa.

Sannan ranar ekspaya ta maganin da ba a buɗe ba ce, wanda bai sha rana ba. Garin amoksisilin na yara in ka zuba ruwa yawanci kwana 7 ne, maganin ɗiga wa ido sati 4 bayan buɗewa, ka rubuta ranar da ka buɗe shi da biro a jikin kwalbar kawai.